Sanarwar da Ba a Iya Nemo Ta, Tamkar Ba a Yi Ta Ba Ce



Ƙungiyoyinmu na Hausawa mazauna Abuja sun ƙware wajen tsara sanarwa. Yanzu da wuya ka ga ƙungiyar da ba ta da matashi mai haɗa mata irin jerin hotunan nan da ake ja da yatsa, falle bayan falle, wanda masu harkar ke kira karusel. Instagram ya kawo shi a 2017 da falle goma, a 2024 ya ƙara zuwa ashirin. Abu ne mai kyau, domin bayanin da zai gundiri mutum idan aka zuba shi a dunƙule, sai ga shi an yanyanka shi ya zama mai sauƙin haɗiya.

Sai dai ku duba ƙasan yawancin waɗannan hotuna. Abin da ake rubutawa bai wuce “Sanarwa! Sanarwa!! Sanarwa!!!” ko “A ja gefe a karanta” ba, sannan a jero hashtag kamar ana zuba tsaba. Ranar da aka saka, mambobi za su gani, a yi sambarka. Bayan mako guda ya nutse. Wanda zai buƙaci bayanin nan bayan wata uku, wanda bai ma san da ƙungiyar ba, zai shiga wajen bincike ya rubuta damuwarsa, ba zai same mu ba. Wanda zai samu shi ne wanda ya iya rubuta kalmomin da ake nema, ko da kuwa ɗan damfara ne mai cewa a turo kuɗi ya yi wa mutum aikin da hukuma ke yi kyauta.

Ra'ayina shi ne: kafin a zaɓi launi ko a ɗora tambari, a fara zama a tambayi kai, wace kalma mai buƙatar wannan bayani zai rubuta idan yana nema? Waccan kalma ita za ta hau fallen farko, ita kuma za ta buɗe bayanin da ke ƙarƙashin hoton. Hashtag ya biyo baya, kaɗan, kuma da rubutu iri ɗaya kullum.

ABIN DA WAJEN BINCIKE YAKE DUBAWA

A da, idan ka shiga wajen bincike na Instagram, sunan shafi, ko hashtag, ko sunan wuri kawai kake iya nema. A Nuwamban 2020 ne kamfanin ya fara barin mutane su yi nema da kalma zalla, ya kuma fara da masu Turanci a ƙasashe shida. A Agustan 2021 shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya fitar da bayani kan yadda binciken yake aiki. Ya nuna cewa abu mafi nauyi shi ne kalmomin da mai nema ya rubuta, waɗanda ake gwadawa da sunan shafi, da bayanin shafi, da rubutun ƙasan hoto, da hashtag, da wuri. Bayan haka ne ake duba abubuwan da mutumin ya saba bi, da kuma yawan waɗanda suka kula da abin da aka saka. Ya ƙara da cewa a sa kalmomin da hashtag a cikin rubutun ƙasan hoton, ba a wajen tsokaci ba.

Sannan daga 10 ga Yulin 2025, abin da shafukan sana'a na manya suka saka a buɗe yana iya fitowa a injinan bincike irin su Google, muddin mai shafin bai kashe wannan zaɓi ba. Ke nan wanda ko Instagram ba shi da shi yana iya cin karo da sanarwarmu, idan akwai kalmar da za ta jawo ta.

Ku lura, duk abin da aka lissafa rubutu ne. To shi kuma rubutun da ke jikin hoto fa? Gaskiya ne kamfanin Meta yana da na'urar da ke karanta rubutun cikin hoto, tun 2018 ya bayyana wadda ya kira Rosetta. Amma duk wanda ya taɓa sa waya ta kwafo rubutun Hausa daga hoto ya ga yadda ƙ take komawa k ko wata alama, balle a ce an yi rubutun da harafi mai lanƙwasa a kan zane mai ado. Don haka ba a jingina da ita. Abin da ka buga da hannunka a ƙasan hoto shi ne tabbas.  Wanda ke hannu shi ne naka.

MU ƊAUKI MISALI GUDA MU BI SHI

A ce ƙungiya ta shirya falle shida kan yadda mutum zai dawo da rajistar zaɓensa Abuja daga jiharsu. Wannan matsala ce da muka sani: mutum ya shekara goma a Kubwa, katinsa na Funtuwa ne ko Gusau, duk zaɓe sai dai ya yi tafiya ko ya haƙura. Hukumar INEC tana ba da damar sauya wurin zaɓe a lokacin da rajista take buɗe, ana kuma iya fara neman ta shafinta na cvr.inecnigeria.org.

Yadda aka saba, fallen farko zai ɗauki tambarin ƙungiya, da hoton shugaba, da “Muhimmiyar Sanarwa ga Al'umma” da manyan haruffa. Sai a falle na uku ne kalmar kati za ta fara bayyana. A duk faɗin Abuja babu wanda zai shiga wajen bincike ya rubuta “muhimmiyar sanarwa”. Kowace sanarwa muhimmiya ce a wajen mai ita.

Matakin farko ba a kan kwamfuta yake ba. A samu mutum biyar daga cikin irin waɗanda aka yi abin dominsu: mai shago a kasuwar Wuse, direban Keke, uwargida, ɗalibi, ma'aikaci. A miƙa wa kowa waya a ce, “Kana son dawo da katinka Abuja, rubuta abin da za ka nema.” Abin da za a gani zai yi kama da haka: katin zabe, canza rumfar zabe, PVC transfer, INEC Bwari. Wani Hausa zalla, wani Turanci zalla, mafi yawa gauraye. Babu mai rubuta “sauya mazaɓa” duk da cewa ita ce Hausar rediyo. Daga nan a je wajen binciken a fara rubuta waɗannan kalmomi a hankali, a ga abin da manhajar take cikasawa da kanta. Abin da take kawowa alama ce ta abin da ake yawan nema ko ake yawan sakawa.

Yanzu fallen farko. Ya zama tambayar mutumin ce aka mayar masa: “Yadda Ake Dawo da Katin Zaɓe Abuja Daga Wata Jiha”. Kalma goma, da harafi miƙaƙƙe mai kauri, baƙi a kan fari ko fari a kan duhu, a tsakiyar hoton. Tambari ya koma kusurwa, hoton shugaba ya koma fallen ƙarshe. Dalili shi ne, a sakamakon bincike fallen farko kaɗai ake gani, an ƙanƙantar da shi ya koma kamar kan sarki, yana jere da wasu da dama, kuma sau da yawa an datse gefensa. Mai nema yana da ƙiftawar ido ne ya zaɓi wanda zai taɓa. Rubutun ƙasa shi ke kawo ka cikin jerin, fallen farko shi ke sa a zaɓe ka. Kafin a saka, a ƙanƙantar da hoton a waya a riƙe ta nesa da tsawon hannu. Idan dattijo bai iya karanta shi ba, a sake.

Sai rubutun ƙasa. Instagram yana ba da harafi 2,200, amma kusan 125 na farko ne ke fitowa kafin a yanke. Saboda haka layin farko ba wajen doguwar gaisuwa ba ne. Ga yadda zai kasance:

“Yadda ake canza rumfar zabe zuwa Abuja: PVC transfer ga mazauna Kubwa, Dutse Alhaji da Bwari, 2026.”

Harafi kusan 100 ne, amma ya ɗauki aikin, da sunansa na Hausa, da sunan da ke kan takardun hukuma, da unguwanni, da shekara. Sallama da gaisuwa su zo a layi na biyu, ba su ragu da komai ba. Bayan su a taƙaita abin da ke cikin falle shidan a jimla huɗu ko biyar, yadda wanda hoton ya ƙi buɗe masa saboda ƙarancin data zai fahimci abin yi. Kada a maimaita kalma ɗaya sau goma don a burge na'ura. Mutum ne zai karanta, idan ya ga shirme zai wuce.

Shekarar nan da aka sa ba ado ba ce. Amfanin a same ka ta bincike shi ne sanarwarka ta daɗe tana aiki, haɗarinsa kuma shi ne ta daɗe fiye da gaskiyarta. Rajistar zaɓe tana da ranar buɗewa da ta rufewa. Idan babu kwanan wata, wani zai tarar da ita bayan an rufe, ya biya kuɗin mota ya tafi ofis a banza, ya kuma daina yarda da shafinmu. Idan wa'adi ya wuce, a koma a gyara layin farko a rubuta “An rufe”. Rubutun ƙasa yana gyaruwa, rubutun jikin hoto ba ya gyaruwa, shi ya sa kwanan watan da zai iya sauyawa ya fi dacewa da ƙasa.

SUNAYEN UNGUWANNIN ABUJA

A garin nan rubuta “Abuja” kaɗai bai isa ba, domin Abujar bakinmu ta fi Abujar takarda faɗi. Babban birnin yana da ƙananan hukumomi shida: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Mazaunin Nyanya yana cikin AMAC, amma maƙwabcinsa na Mararaba yana ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa. Zuba tana Gwagwalada, Madalla da Suleja kuwa jihar Neja ce. Duka idan sun je gida cewa ake yi “mutanen Abuja sun zo”. A maganar katin zaɓe, wannan bambanci shi ne bambancin ofishin da mutum zai je. Idan bayaninmu na mazauna Bwari ne, mu faɗa, don kada ɗan Mararaba ya bi shi ya sha wahala.

Akwai kuma sunayen da ke da takwara. Ka rubuta “Dutse” kaɗai, babban birnin Jigawa zai danne ka. Sai ka ce Dutse Alhaji, Abuja. Garki ma akwai ta a Jigawa. Karu biyu ce, ta Abuja da ta Nasarawa. Gwagwa daban, Gwagwalada daban. Wasu sunayen kuma rubutu biyu gare su, kamar Mararaba da Maraba, ko Karmo da Karimo. A irin wannan a sa ɗaya a layin farko, ɗayan a cikin bayani. Haka nan a cike gurbin Add location da sunan unguwar, domin wuri yana cikin abin da binciken ke dubawa.

HASHTAG: ME YA RAGE MASA?

Mu mazauna Abuja ba ma buƙatar a gaya mana ƙarfin hashtag. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a daren 14 ga Afrilun 2014, wani lauya mazaunin garin nan, Ibrahim Abdullahi, shi ya fara rubuta #BringBackOurGirls a Twitter. Cikin makonni kaɗan ya zagaye duniya, ana kuma zaman dirshan a Unity Fountain. Amma mu kula da abin da ya ba shi ƙarfi: jama'a masu yawa sun rubuta abu ɗaya, da haruffa iri ɗaya, a lokaci ɗaya. Hashtag rumbu ne, amfaninsa shi ne kowa ya zuba a wuri guda.

Abin da muke yi akasin haka ne. Mukan jero #viral, #trending, #explore, #love a ƙarƙashin sanarwar katin zaɓe. Waɗannan tekuna ne da ake zuba abubuwa ba ƙaƙƙautawa, kuma babu mai neman katin zaɓe a cikinsu. Shi kansa kamfanin ya rage wa hashtag daraja. Tun 2021 ya ba masu shafuka shawarar uku zuwa biyar, duk da cewa talatin ne iyaka a lokacin. A Disamban 2024 ya cire damar bin hashtag kamar yadda ake bin shafi. A Disamban 2025 kuma ya sanar da taƙaita adadin zuwa biyar. Wanda yake kwafo tsohon jeri yana mannawa, zamani ya bar shi.

A misalinmu huɗu sun isa: #KatinZabe don batun, #PVC don masu nema da sunan hukuma, #Kubwa don wurin, sai na ƙungiya guda ɗaya wanda ba ya sauyawa. Wannan na ƙarshe shi ne ma'ajiyarmu: duk wanda ya taɓa shi zai ga sanarwowinmu a wuri ɗaya.

A nan Hausa tana da tarko na musamman. Hashtag yana yankewa ne a duk inda ya haɗu da tazara, ko karan ɗori, ko alamar hamza. Ka rubuta #Jama'a, abin da ya hau shi ne #Jama. #Sana'a ta koma #Sana, #Addu'a ta koma #Addu, #Dei-Dei ta koma #Dei. Wanda ya fara da alamar, kamar a 'yan kasuwa, nasa ba zai ma kama ba. Gane wannan ba wuya: bayan an saka, a duba inda launin hashtag ɗin ya tsaya. Idan wutsiyar kalmar ta zauna da launin sauran rubutu, ya karye. Maganinsa a haɗe: #YanKasuwa, #DeiDei. Babban harafi a farkon kowace kalma ba ya sauya komai a wajen na'ura, amma yana sauƙaƙa wa ido.

MAGANAR ƘUGIYA

Na san masu kishin harshe sun lura na rubuta “zabe” ba “zaɓe” ba a layin farko da kuma hashtag, kuma za su ce da hannunmu muke lalata Hausa. Ƙorafinsu yana da tushe. Ƙasa ba kasa ba ce, ɓata ba bata ba ce, kuma yaranmu da ke tasowa a Abuja a shafuka irin wannan suke ganin rubutacciyar Hausa fiye da a littafi.

Amma a wajen na'ura ɓ da b haruffa biyu ne mabambanta, bai kamata a ɗauka za ta haɗa su da kanta ba. Mafi yawan mutanenmu kuma da allon Turanci suke rubutu a waya, ba sa sa ƙugiya. Kowa na iya gwadawa: ya nemi #zabe, ya nemi #zaɓe, ya ga wanne ya fi cika. Idan muka dage a kan ƙugiya a ko'ina, mun yi daidai amma mun ɓuya. Idan muka watsar da ita gaba ɗaya, an same mu amma mun koyar da kuskure.

Mafitar da nake gani ita ce a raba aiki. Duk rubutun jikin hotuna, tun daga fallen farko, a yi shi da ingantacciyar Hausa, ƙugiya da komai, domin shi ido ke karantawa kuma shi ake turawa a WhatsApp. Jikin bayanin ƙasa ma haka. Layin farko da hashtag kaɗai za su ɗauki rubutun da mutane ke bugawa. Da haka babbar kalmar ta fito ta fuska biyu, mai sa ƙugiya da marar sawa kowa ya samu.

Akwai wani gurbi da ake mantawa, mai suna Alt text, inda ake rubuta bayanin abin da ke cikin kowane hoto. An yi shi ne don makafi masu amfani da manhajar da ke karanta musu allo. A kwafe rubutun kowane falle a zuba a nan. Idan ba a yi ba, ɗan uwanmu makaho bai san me falle shidan suka ƙunsa ba.

IYAKAR ABIN, DA YADDA ZA A GANE YA YI

Kalma ba laya ba ce. Idan shafi a kulle yake, ko an saka abin a rufaffen zaure na Facebook, ko a WhatsApp kaɗai, wanda ke waje ba zai same shi ba komai kyan kalmomin. Sannan a babbar kalma irin PVC, manyan kafafen labarai za su riga mu fitowa, domin yawan masu kula da abu yana cikin ma'auni. Inda muke da dama shi ne ƙaramar tambaya ta Hausa mai ɗauke da sunan unguwa, wadda manyan ba su damu da ita ba. A Facebook ma dokar ɗaya ce: rubutun da aka buga a saman hotunan shi bincike ya fi kamawa.

Gwajin kuwa mai sauƙi ne. Bayan kwana biyu ko uku, a ari wayar wanda ba ya bin shafinmu, a rubuta kalmomin nan da mutum biyar suka bayar. Kada a gwada da wayar mai kula da shafi, domin manhajar ta san shi, za ta iya nuna masa abinsa ya ɗauka kowa ma haka yake gani. Idan bai fito ba, a duba ko hashtag ya karye, ko kalmar tana jikin hoto kawai, a gyara. Masu shafin sana'a kuma su buɗe Insights bayan wata guda, su ga kason waɗanda suka gani alhali ba mabiya ba ne. Idan wannan kaso yana ƙaruwa a tsofaffin sanarwowi, alama ce aikin yana ci.

Shawarata ga kwamitin yaɗa labarai, namu da na sauran ƙungiyoyi, ita ce a ware zama ɗaya a fitar da takarda guda: hashtag ɗin ƙungiya, da yadda za a riƙa rubuta sunan kowace unguwa, da sharaɗin cewa ba a sakin karusel sai babbar kalmarsa tana fallen farko da layin farko. Sannan a koma kan tsofaffin sanarwowi goma da har yanzu ake tambayarmu a kansu, a gyara musu rubutun ƙasa. Ba ya cin ko kwabo, yammaci ɗaya ya isa.

Allah ya sa mu dace.

Sakataren Ƙungiya,
Abuja.